Ba Jiƙaƙƙen Gashi Ba Ne: Daga Ina Murar Hunturu Take Zuwa?

Ranar wata Alhamis a watan Janairu, 'yar yayata mai shekara 14 ta wanke kanta da la'asar a gidansu da ke Gwammaja, ta zauna a tsakar gida da jiƙaƙƙen gashi tana jiran mai kitso. Iska na kaɗawa, hazo ya lulluɓe gari har Dutsen Dala ba ya ganuwa sosai. Washegari ta tashi maƙogwaro na yi mata ƙaiƙayi, kafin a sauko daga masallacin Juma'a atishawa ta kankama, hanci ya fara zuba. Da na leƙa gidan bayan isha'i, tun daga soro nake jiyo muryar uwarta: "Ai ga irinta nan! Sau nawa zan ce miki kar ki wanke kai da yamma a ɗarin nan? Sanyi ya shige ki."

Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, wa ya fara majina a gidan nan?"

Ta ce, "Auta ne, tun Litinin ya dawo da ita daga Islamiyya. Amma shi ai tasa daban, ƙura ce."

Na ce, "A ina yake kwana?"

A ɗaki ɗaya suke kwana su shida, kuma Auta a gefen yayar tasa yake. An manna leda a taga saboda ƙura, an tusa tsumma a ƙasan ƙofa. Amsar murar yarinyar tana cikin ɗakin nan da kwanakin nan, daga Litinin zuwa Juma'a. Wankin kai dai ya faɗo ne a tsakiya, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Mura cuta ce da ake ɗauka daga wani mutum. Ƙwayar da ke kawo ta nau'in bairas ce, kuma ba guda ɗaya ba ce: akwai sama da iri 200 da ke iya sa mura. Mafi yawa a cikinsu dangi ne guda da ake kira rainobairas, wanda shi kaɗai yana da fiye da iri 100. Wannan yawan shi ya sa mutum ba ya gama yin mura a rayuwa. Jiki yana gane wadda ya taɓa yi, amma gobe wata ce daban za ta zo. Babba yakan yi sau biyu zuwa uku a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau shida zuwa takwas ba abin mamaki ba ne, musamman wanda ya fara zuwa makaranta. Ƙwayar tana fita ne a tururin numfashi da feshin tari da atishawa, tana kuma bin hannu: yaro ya share majina da bayan hannu, ya kama buta ko kofi ko hannun wani, shi kuma ya sosa ido ko hanci.

Abin da ya fi rikita mu shi ne lokaci. Idan ƙwayar ta sauka a hanci ba nan take ake jin ta ba. Sai ta shiga ƙwayoyin fatar cikin hanci ta hayayyafa, galibi kwana ɗaya zuwa uku, sannan maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi. Mai mura kuma ya fi watsa ta a kwanaki biyu zuwa uku na farkon ciwonsa. Ka jera lissafin gidan yayata: Auta ya fara ranar Litinin, ya fi zubar da ƙwayar Talata da Laraba, yayarsa ta tashi da ita Juma'a. Da wuya a ce lokacin da ta durƙusa wanke kai ranar Alhamis ƙwayar ba ta riga ta kwana a hancinta ba. Har ma akwai wani abu da ke ƙara ɓatar da sawu: wasu cututtukan kan fara da jin sanyi-sanyi a jiki kafin sauran alamu su bayyana. Mutum ya ji ɗari ya kama shi da daddare, ya wayi gari da ciwo, ya ce sanyin jiya ne ya kayar da shi, alhali ciwon ne ya sa shi jin sanyin.

Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba, Turawa ma sun daɗe a kai, har likitocinsu suka zauna suka gwada. A garin Salisbury na Ingila an buɗe wata cibiya a 1946 wadda aikinta kawai binciken mura, ta yi sama da shekara 40 tana karɓar 'yan sa-kai, a killace su kwanaki, a ɗiga musu ƙwayar a hanci a ga abin da zai faru. A wani gwajin an sa mutane sun yi wanka, suka tsaya rabin awa da jiƙaƙƙun kaya a wurin da iska ke ratsawa har suna karkarwa, sannan suka ci gaba da zama da jiƙaƙƙiyar safa. Waɗanda suka sha wannan azaba amma ba a ɗiga musu ƙwayar ba, ba su yi mura ba. Tsakanin waɗanda aka ɗiga wa kuwa, da aka maimaita gwajin ba a ga wani tsayayyen bambanci tsakanin wanda ya sha sanyi da wanda ya zauna a ɗumi ba. An sake makamancinsa a Amurka a 1958 da 1968, sakamakon bai canja ba.

Labarin da ya fi burge ni ma ba na ɗakin gwaji ba ne. A tsibirin Spitsbergen, can ƙurewar arewacin duniya, akwai wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal da ƙanƙara ke datse wa hanya watanni, babu jirgin ruwan da ke zuwa. Masu bincike da suka zauna da su a farkon shekarun 1930 sun ga mura ta kusa ɓacewa a tsakiyar sanyin, irin sanyin da namu na Kano bai kama ƙafarsa ba. Da ƙanƙara ta narke, gari ya fara ɗumi, jirgin farko ya iso da baƙi, cikin 'yan kwanaki mura ta game garin. Sanyi ya yi watanni bai kawo ta ba, baƙi suka kawo ta a rana ɗaya.

Mu ma muna da shaida a ƙofar gida. Dubban mutane a Kano suna alwala da ruwan randa mai kamar ƙanƙara kowace asuba a Disamba da Janairu, su shafi kai, su fita masallaci cikin iska. Da ruwan sanyi a ka ke haifar da mura, da sahun asuba bai rage kowa ba.

To amma a nan sai an yi wa iyayenmu mata adalci, don ba duk maganarsu ce ta faɗi ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Cardiff sun raba mutum 180 gida biyu. Rabi suka tsoma ƙafa a ruwan sanyi na minti 20, rabi suka sa ƙafa a roba babu ruwa. Cikin kwana huɗu zuwa biyar, kusan kashi 29 cikin ɗari na masu ruwan sanyi sun nuna alamun mura, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9. Gwajin yana da rauni: ba a auna ko akwai ƙwayar a hancinsu ba, abin da suka faɗa da bakinsu aka rubuta, kuma kowa ya san an sa shi a sanyi. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne wataƙila wasu suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, sanyi ya takure jijiyoyin jinin hanci, kariya ta ragu, ciwo ya fito fili. Bayan shekara goma, a 2015, wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna a ƙwayoyin hanyar numfashin ɓera cewa rainobairas ta fi hayayyafa a zafin da ya kai digiri 33 fiye da digiri 37 na cikin jiki, saboda garkuwar farko ta jiki tana yin nawa idan wuri ya huce. Cikin hanci dama ya fi sauran jiki sanyi, iskar ɗari kuma tana ƙara sanyaya shi. A ganina iyakar abin da za a iya cewa shi ne sanyin hanci yana iya sassauta wa ƙwayar ƙofa in ta riga ta zo bakin ƙofa. Kuma ka lura, hanci ake magana. Babu wata hanya daga fatar kai zuwa hanci da ruwan wanki zai bi ya zama majina.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: idan ba sanyin ba ne, me ya sa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane aji da kowane sahu tari ne? Ai ba ƙarya idonmu yake yi ba.

Abu na farko, kuma wanda nake ganin ya fi kowanne nauyi a Kano, shi ne yadda muke rufe kanmu. Da zafi ana kwana a tsakar gida, a baranda, a ƙofar gida, taga a wangale, fanka na juyawa in akwai wuta. Ɗari na shigowa kowa ya koma ɗaki, a toshe duk wata kafa. Mu auna ɗakin yaran yayata. Ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, rufinsa kamar ƙafa 10, wato yana ɗaukar iskar da ta kai kusan lita 40,000. Mai barci yana shaƙa ya fitar da kamar lita 6 a minti ɗaya, lita 360 ke nan a awa. Mutum shida a awa takwas sun fitar da sama da lita 17,000. Yara ba su kai manya ba, kuma ko yaya aka toshe ɗaki iska tana ɗan ratsawa, amma ko ka zaftare lissafin, wani babban kaso na iskar da yarinyar ta shaƙa kafin asuba ya riga ya bi ta hancin wani, ciki har da na Auta. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan ɗaki da sassafe ya san nauyin iskar da ke tarbarsa. Haka abin yake a ajin da yara 70 ko fiye suke zaune an rufe tagogi, da motar haya da aka ɗage gilashi, da soron da almajirai ke cunkusuwa su kwana, da masallacin unguwa da aka sakar wa labulen leda a ƙofa. Gudun sanyin ne ke haɗa numfashinmu wuri guda, shi ya sa wanda ya fi kowa kulle ɗaki ba lalle ne ya fi kowa tsira ba.

Abu na biyu bushewa. Iskar hunturu daga hamadar Sahara take tasowa ta arewa maso gabas, ba ta ɗauke da ruwa. Da damina laimar iska a Kano takan haura kashi 70 cikin ɗari, da tsakar ranar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da 20. Kowa yana ganin aikinta a fili: leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, wanki ya bushe kafin a gama shanya, yara su yi ta haɓo. Abin da ba a gani shi ne na cikin hanci. Hanyar numfashi tana shimfiɗe da siririyar majina mai danƙo, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana, suna tura majinar da duk abin da ta kama zuwa maƙogwaro a haɗiye. Tsintsiyar hanci ke nan. Idan iska ta bushe ƙwarai majinar takan yi kauri, sharar ta yi nawa, ƙwayar da ta sauka ta sami lokacin kama wuri. An nuna hakan a ɓeraye a 2019: waɗanda aka ajiye a iska mai laima kashi 10 zuwa 20 sharar hanyar numfashinsu ta ragu, kuma mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ta fi kayar da su a kan waɗanda ke laima kashi 50. Bushewar tana kuma taimakon ƙwayar tun tana waje. Feshin atishawa yana bushewa nan da nan ya zama ɗan mitsitsi marar nauyi, ya daɗe yana yawo a ɗaki maimakon ya faɗi ƙasa. Ba kowace ƙwaya ce ke son haka daidai da 'yar uwarta ba, amma ga infuluwenza an gwada a dabbobi an ga ta fi yaɗuwa a busasshiyar iska mai sanyi.

Sai ƙura. Yawancin hazon da ke rufe mana rana daga ƙasar Chadi yake, daga wani busasshen kwari mai suna Bodele inda tsohon tafki ya ƙafe. Garinsa ya yi laushin da hanci ba ya iya tace shi duka, yana wucewa har huhu, yana kankarar fatar hanya. A kan wannan muke ɗora namu: hayaƙin bola da tayar da ake ƙonawa don jin ɗumi, hayaƙin itace, da kaskon garwashi a ɗaki. Kaskon nan ma matsalarsa ta wuce mura. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kashe mutum yana barci. In za a ɗumama ɗaki da shi, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa.

Wanda yake son ya ga bambancin aikin sanyi da aikin bushewa, ya dubi sanƙarau. Kano tana cikin yankin Afirka da aka fi sani da wannan cuta, kuma annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ta yi ɓarna ƙwarai a nan. Sanƙarau yana fara ɗagowa ne da rani, amma ba a tsakiyar ɗari yake kai ƙololuwa ba. Sai wajen Maris da Afrilu, lokacin da garin ke tafasa, iska na nan a bushe, ƙura ba ta kwanta ba. Ruwan sama na sauka yake ja da baya. Ƙwayarsa bakteriya ce, ba dangin ta mura ba, amma ƙofar shigarsu ɗaya: hanci da maƙogwaro. Ƙyanda ma a 'yan watannin nan na rani ta fi tashi. Waɗannan biyun suna da allurar rigakafi, ita ce maganarsu, ba rigar sanyi ba.

Maganar Yaya cewa ta Auta "ƙura ce" ita ma tana da gurbi, don ba duk hancin da ke zuba ne mura ba, kuma ana iya bambancewa. Wanda ya hau babur da asuba hancinsa ya yi ta ɗigar ruwa garai-garai, ya shiga shago ya sha shayi abin ya tsaya, wannan hanci ne kawai yake ƙoƙarin jiƙa busasshiyar iska. Ba ciwo ba ne, ba ya shafar kowa. Na ƙura kuwa yakan zo da atishawa a jere, ido da hanci na ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, yana tashi ranar da hazo ya yi kauri ko aka yi shara, ya lafa, ya dawo, har tsawon makonni. Murar gaske tana da tafiya: maƙogwaro ya fara, hanci ya biyo, ta yi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, jiki ya yi nauyi, majina ta yi kauri, ta sauka cikin kwana bakwai zuwa goma, ko da tari zai ɗan yi saura. Babbar alamarta kuma ita ce tana bin gida ɗaya bayan ɗaya. Ta Auta ta bi yayarsa, don haka ba ƙura ba ce.

Wannan kaurin majinar shi ke kai mutane kemis. Da zarar ta koma ruwan ɗorawa ko kore sai a ce ta "nuna", a sayo kafso. Launin nan na ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ke yaƙi a wurin, ana ganinsa a murar da za ta warke da kanta. Magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin ba sa taɓa bairas ko kaɗan. Abin da kawai suke bari shi ne gudawa, asarar kuɗi, da ƙwayoyin da suka saba da magani ranar da za a buƙace shi da gaske. Shayin citta da kanumfari yana sanyaya maƙogwaro kuma yana sa a sha ruwa, wanda dama mutane ke ragewa da ɗari, amma ba ya rage kwanakin ciwon yadda ake zato. Zuma tana sauƙaƙa tarin dare ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, jariri kuwa ba a ba shi. Ga toshewar hanci, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce, a ɗiga kaɗan, ya wadatar.

Inda ake yin sake shi ne wajen ƙananan yara, don wani lokacin abin da ya fara kamar mura yakan sauka huhu ya zama limoniya, a zauna ana ta shafa man zafi ana cewa sanyi ne ya shiga haƙarƙari. Akwai awon da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya. A bari yaro ya natsu, a ɗaga riga, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa a ranar. Haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu a maƙoshi, wanda tun ɓarkewar mashaƙo a Kano a ƙarshen 2022 bai kamata a ɗauke shi wasa ba.

A daren nan na Juma'a mun ƙirga numfashin Auta, ɗan shekara huɗu, ya ba mu 28. Muka ɓare ledar da ke saman tagar kamar faɗin tafin hannu, muka maye gurbinta da jiƙaƙƙen yadi mai shara-shara don ya tare ƙura iska ta wuce, aka zare tsumman ƙasan ƙofa, aka ƙara wa kowa bargo. Masu murar biyu aka mayar da su falo, aka ware musu kofi. Yaya tana kallona tana girgiza kai, ta ce, "Kai dai da boko. Yanzu iskar da nake korewa ita za ka shigo min da ita?" Yarinyar kuma daga cikin bargo ta ce, "Kawu, to gobe zan iya wanka da safe?" Uwarta ta riga ni amsawa: da ruwan ɗumi, kuma sai rana ta fito. Ban yi musu ba, don wankan ruwan sanyi a Janairu ko ba ya sa mura ba daɗi gare shi ba. Ranar Lahadi Yaya ta kira ni muryarta a dishe, ita da rabonta da wanke kai tun makon jiya.